Ƙwai 12 a silin amma ido na ciwo, ina matsalar take?

Tambaya: Salam Injiniya, falona mita 4 ne da mita 5, an sa min ƙananan ƙwayayen silin guda 12 farare tas, amma da dare idona har ruwa yake, kuma teburin da nake aikin kwamfuta a kusurwa sai inuwa. In ƙara ƙwai ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Dan Allah kar ki ƙara ko guda ɗaya, haskenki ya ma yi yawa, duk daga sama yake zubowa shi ya sa.

Mu ɗan yi lissafi. Falonki murabba'in mita 20 ne. Hasken da ƙwai ke fitarwa da lumen ake auna shi, wanda ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya kuma shi ake cewa luks. Falo na zama da hira luks 150 ya ishe shi, kinga 20 sau 150 ya ba mu lumen 3000, toh amma bango da labule da kujeru suna shanye wani kaso, sai mu ce ƙwayayen su ba da kamar 5000. In naki masu wat 7 ne, kowanne yana ba da wajen lumen 600, guda 12 kinga 7200 kenan.

Teburin aiki kuwa luks 500 yake so, kuma ba daga silin za ki nemo shi ba. Kina zaune kin fuskanci bango, ƙwan yana bayanki, kanki da kafaɗarki ne suke tare hasken su jefa inuwa kan takarda, ko ƙwai 20 aka jera a bayan naki haka za ki gani. Fitilar tebur mai lumen 400 zuwa 500 mai wuya da ake lanƙwasawa ta gama maganar. Ki ajiye ta a hagu in da dama kike rubutu, bakinta ya sauko ƙasa da saitin idonki yadda ba kya hango ƙwan.

Ruwan idon nan, yau da dare ki gwada abu biyu. Ki zauna inda kika saba zama ki sa tafin hannu a goshi kamar mai hangen nesa a rana, in kika ji idonki ya saki nan take toh ƙwayayen silin ne ke kashe miki ido kai tsaye. Sai ki kashe kwamfutar ki kalli baƙin gilashin kamar madubi, duk ƙwan da kika hango a ciki yana nan ko kin kunna ta, idonki na ta kokawa da shi kina karatu ba ki sani ba. Wannan ki ɗan karkata gilashin ko ki juya teburin har ya ɓace. Talabijin ma haka ake gwada ta, da tayil mai sheƙi.

Abin da ya fi damuna a aikin da aka miki, kusan na tabbata duk 12 ɗin a makunni ɗaya suke, ko a kunna duka ko a zauna a duhu. Ki kira mai wayarin ya raba su gida biyu ko uku. Sannan haske ya zama hawa-hawa: na silin don gani gaba ɗaya da shara, na aiki a tebur da gefen kujerar karatu, sai mai laushi da ake haska bango ko silin da shi ya dawo ɗaki, kamar fitilar tsaye mai rufi a kusurwa. Wannan na ukun shi mutane ke rainawa, alhali idan bango yana da haske ƙwan silin baya yi wa ido zafi sosai, saboda bambancin da ke tsakaninsa da kewayensa ya ragu. Fitilar mota ma da rana ba ta kashe ido, sai da dare.

Sai launi. Ki duba kwalin, ina zaton za ki ga 6500K, shi ne farin nan mai ratsin shuɗi. Lambar in ta yi ƙasa hasken na komawa ruwan ɗorawa, in ta hau yana komawa shuɗi-shuɗi, kuma ba ruwanta da ƙarfin haske, mai 3000K da mai 6500K in lumen ɗinsu ɗaya ne haskensu ɗaya ne. Ni a falo 2700K zuwa 3000K nake sa wa mutane, ofis kuma 4000K. Tunda naki falo ne da wurin aiki a haɗe, silin da fitilar tsaye su zama 3000K dukkansu, kar a gauraya launi biyu a silin ɗaya, ta tebur kaɗai ki ɗauki 4000K. In za ki canza na silin ki nemi waɗanda ƙwan ya shige ciki can, ba masu fuska a waje ba, kuma ki fara sayen guda ɗaya ki gwada da dare tukunna.