Me ya sa aka rage mini maki a tsakuren rahotona?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyya ne a aji ɗaya na jami'a a nan Kano. Mun yi gwajin fendulum, wato ƙwallon da ke lilo a jikin zare, don auna g, yawan ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa ƙasa, na bayyana duk matakan da na bi a tsakure, amma aka rage mini maki, aka rubuta "ina sakamakon?" Na ɓoye lambar ne don ba ta kai 9.81 da ke littafi ba. Shin na faɗi ke nan?

Amsa: Ɗana, ka kwantar da hankalinka, wannan abu ne mai gyaruwa. Duk ajinku matakai iri ɗaya kuka bi, kuma suna rubuce a takardar gwajin da aka raba muku, saboda haka abin da malaminka bai sani ba shi ne lambar da ta fito daga hannunka.

Mu ɗauka tsawon zarenka mita 1.00 ne, kuma lilo 20 ya ɗauki daƙiƙa 40.4. Lilo ɗaya daƙiƙa 2.02 ke nan, kuma g = 4π²L/T² zai ba ka 9.68 m/s², inda L ke nufin tsawon zare, T kuma lokacin lilo ɗaya. Idan kuskuren danna agogo daƙiƙa 0.2 ne, na awon zare kuma rabin santimita, tsakurenka ya kamata ya ce an samu g = 9.68 ± 0.15 m/s², wanda ya gaza ƙimar da aka sani da kimanin kashi 1 cikin 100.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne jita-jitar da 'yan manyan aji ke cusa wa sababbin ɗalibai, wai lambar da ba ta dace da ta littafi ba abin kunya ce, sai a rufe ta da "an samu sakamako mai gamsarwa", ko a murɗa awon har 9.81 ta fito. Masu buga rahoto a shagunan kwamfuta ma sun haddace wannan jimla suna liƙa wa kowa. Ai ƙimar g a Kano kusan 9.78 ce, domin muna kusa da layin da ya raba duniya biyu, kuma 9.68 ± 0.15 ta ƙunshe ta, wato gwajin ya yi kyau, amma ba mai iya ganin hakan idan ba a rubuta lambar ba.

Lambar da ta kauce ma tana da amfani. Idan na ga 10.8 a tsakure, nan take nake zargin ɗalibin ya ce "ɗaya" a lokacin da ya saki ƙwallon, ya ƙirga lilo 19 a matsayin 20, sai in nuna masa gyaran cikin minti guda. Kalmar "mai gamsarwa" kuwa tana binne wannan kuskure, ɗalibin ya tafi da shi gwaji na gaba, kuma wanda ya saba murɗa lamba tun aji ɗaya, ina tsoron ranar da za a damƙa masa awon jini ko na ruwan sha. Ka sake rubuta tsakuren da lambarka ta gaskiya, da ma'auninta da iyakar kuskurenta, ka kai wa malaminka ya duba.