Jawabin ranar kimiyya: a ina sabis yake tsayawa in ka shiga ginin kankare?

"Yaya, barka da aiki. Ina aji shida na sakandare a nan Daura, kuma burina in zo Jamus in karanta injiniyan sadarwa kamar ku. Malamin fiziks ya ce ni zan yi jawabi ranar kimiyya kan abin da ya sa sabis ke raguwa a cikin gini mai kaurin kankare. Minti bakwai aka ba ni. Me zan faɗa?"

Ƙanena, barka kadai, ka gaida mutanen gida. Kada ka hau mumbari ka ce "bango ne yake tare sabis" ka tsaya nan. Wannan ko mai caji na bakin tasha ya sani, shi ya sa yake ce wa mutum ya fito waje ya amsa kira. Abin da za ka kawo wanda ba su da shi shi ne awo: bango ɗaya nawa yake ci, biyu nawa suke ci, kuma ta wace hanya ragowar take shigowa. Don haka aikinka zai fara ne kwanaki kafin ranar, da waya a hannu da littafin rubutu.

Sandunan nan huɗu ko biyar da ke saman waya ka manta da su. Kowane kamfani da yadda yake zana nasa, sanda uku a Tecno ba lalle ta zama uku a Samsung ba. Lambar gaskiya tana ciki. A yawancin wayoyin Android ka danna wannan kamar za ka kira:

```
*#*#4636#*#*
```

In Samsung ce, `*#0011#` ke aiki. In iPhone ce, `*3001#12345#*` sannan ka danna kira. In duk sun ƙi, shiga Settings, About phone, SIM status. Za ka ga lamba mai alamar debewa a gabanta da dBm a bayanta. A kan 4G ana rubuta RSRP kusa da ita. Kusan -80 sabis ne mai kyau sosai, -100 ana lallaɓawa, in ta kai -115 zuwa -120 to kira ya fara yankewa. Ka lura -110 ta fi -90 rauni, don yara da yawa a nan suke rikicewa.

Ma'aunin nan na desibel yana da wata ɗabi'a wadda ita ce ƙashin bayan jawabinka. Raguwar 3 tana nufin ƙarfin ya koma rabi. Raguwar 10, ya koma kashi ɗaya cikin goma. Raguwar 20, kashi ɗaya cikin ɗari. Wato logaridim ɗin da ake ba ku a darasin lissafi kuna cewa ina amfaninsa, ga shi nan a aljihun kowa.

To me ke faruwa a jikin bangon? Sabis igiyar rediyo ce, dangin haske, tana tasowa daga eriyar da ke kan turken kamfanin waya. In ta iso bango, wani ɓangare yana dawowa baya tun daga fuskar filasta. Ba shi da yawa in igiyar ta zo kai-tsaye, wajen kashi 15 cikin ɗari ne, amma yana ƙaruwa in ta zo a karkace. Babbar asarar tana cikin jikin kankaren. Kankare ko ya bushe ƙamas a ido, akwai ruwa a ƙananan ramukansa da wanda siminti ya riƙe, kuma igiyar tana girgiza wannan ruwan da gishirin da ya narke cikinsa, sai ƙarfinta ya koma ɗumi ɗan kaɗan wanda hannu ba zai ji ba. Kowane inci na bango yana cin kaso ne na abin da ya iso gare shi. In inci huɗu na farko sun bar rabi, huɗu na biyu za su bar rubu'i, na uku ɗaya cikin takwas. Shi ya sa bulon inci tara mai rami a ciki bai kai zubin kankare mai kauri ɗaya da shi cin sabis ba: rabin hanyar iska ce. Shi ya sa kuma bangon da ya sha ruwan Agusta ya fi na watan Maris ci. Kada ma ka ɗora wa kankare laifin shi kaɗai, tsohon soron ƙasa mai katanga kamu uku irin na cikin gari shi ma yana yin haka in ya jiƙa.

Sai rodi. Ƙarfe ba ya barin igiyar rediyo ta ratsa shi, mayar da ita yake yi. A dekin bene ana saƙa rodi da tazarar santimita 15 zuwa 20, ya zama raga, kuma raga tana tare igiyar da zangonta ya fi ramukanta tsawo. Igiyar 900 MHz tsawon zangonta santimita 33 ne, ta 1800 wajen 17, ta 3500 da 5G ke amfani da ita a Najeriya bai kai 9 ba. Ka ga ke nan rodi ya fi takura wa mai dogon zango. Amma jikin kankaren ya fi cin mai gajeren zango, kuma a yawancin gine-gine cin kankaren ne yake rinjaye. Wannan na cikin dalilan da suka sa za ka shiga ƙuryar ɗaki ka ga 4G ta koma 3G ko E, kira na shiga amma bidiyo ya ƙi buɗewa: wayar ta saki igiyar da ta yi rauni ta kama wadda ta iya isowa, sau da yawa mai dogon zango.

Akwai ƙiyasin da mu masu tsara sabis muke aiki da shi, daga ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin wayar salula. In f ita ce yawan kaɗawar igiyar a GHz, asarar desibel ita ce:

```
kankare:       5 + 4f
gilashin taga: 2 + 0.2f
```

Sa lambobi ka gani. A 0.9, igiyar 900 MHz ke nan, kankare yana cin kusan 9, wato ƙarfin ya ragu ninki bakwai. A 1.8 yana cin 12, ninki goma sha shida. A 3.5 yana cin 19, ninki tamanin. Gilashi kuwa duk bai wuce 2 zuwa 3 ba. Ka faɗa wa masu sauraro matsakaicin ƙiyasi ne wannan, bai san kaurin bangon makarantarku ba, shi ya sa kai ka je ka auna.

Bari mu bi misali, lambobin na zana su ne don ka ga tsarin, naka za su fito daban. A ce a filin taro wayarka ta nuna -85 kan 4G ta 1800. Ka shiga aji mai bangon kankare ɗaya tsakaninka da turke: lissafi ya ce -97. Ka wuce sito na ƙurya, bayan bango na biyu: -109. Bambancin 24 ke nan, kuma 24 desibel ninki ɗari biyu da hamsin ne. Ka ce musu: wanda ya shiga da naira 250 ya isa sito da naira ɗaya. Wannan jimlar za su tafi da ita gida.

Amma ga abin da zai ba ka mamaki. Sau da yawa ajin ba zai nuna -97 ba, zai nuna -90 ko -91. Awonka daidai ne, ta taga da ƙofa sabis ɗin ya shigo, ya bugi bango da silin ya bazu. A gini mai tagogi, mafi yawan abin da wayarka ke samu ta nan ya biyo. Don ka tabbatar, auna a bakin taga, sannan a tsakiya, sannan a kusurwa mafi nisa. In tagar ta ƙarfe ce irin ta ajujuwanmu, auna tana buɗe, ka rufe ka sake. A nan Jamus abin ya juye mana: saboda sanyi ana shafa wa gilashin sababbin gidaje wani siririn ƙarfe da ido ba ya gani don ya riƙe ɗumi, kuma a ƙiyasin nan na 3GPP irin wannan gilashin yana cin 23 zuwa sama, ya ma fi kankaren. Sai ka ga ofis duk gilashi, ana hango turke da ido, amma dole a sa ƙananan eriyoyi a silin kafin a iya waya. Ka sa wannan a jawabin, zai nuna musu cewa abin da haske ke ratsawa ba lalle sabis ya ratsa ba.

Awon yana da wuraren da yake ɓaci. Waya ɗaya da layi ɗaya za ka yi amfani da su daga farko har ƙarshe, don MTN da Airtel ba lalle turke ɗaya suke ba. Kashe Wi-Fi. In wayar ta yarda, kulle ta a kan 4G, in ba haka ba za ta sauya zuwa 3G a tsakiyar aiki ka ga lamba ta yi kyau a ƙuryar ɗaki, ka zaci kankare ya ƙara sabis. Duk lokacin da lamba ta yi tsalle haka, duba ko nau'in ya canza. Ajiye ta kan kujera maimakon ka damƙe ta, jikinka ma ruwa ne, yana ci. Ka jira kamar rabin minti kafin ka rubuta, ka ɗauki awo biyar a kowane wuri kana matsar da ita taku ɗaya, sannan ka ɗauki na tsakiya. Matsawar tafin hannu kawai tana iya sauya lambar da 5 ko fiye, domin igiyoyin da suka dawo daga bango daban-daban suna haɗuwa, wani wuri su ƙarfafa juna, wani wuri su kashe juna.

A minti bakwai ba za ka zuba duk wannan ba. Ni da ni ne, zan buɗe da lambobi uku a allo, na fili, na aji, na sito, in tambaya wa zai iya cewa ninki nawa aka rasa. Su yi ta cewa kwata, sulusi. Sai in ba su amsar, in yi bayanin ruwan cikin kankare da rodi, in kawo maganar taga. Na ƙarshe, gwaji a gabansu: naɗe wayar wani malami da takardar alminiyam ninki biyu ba tare da barin kafa ba, a kira ta, a ji ba ta shiga, a warware, a ji ta yi ƙara. Kada ka yi da tukunya da murfi, 'yar tazarar bakin murfin ta isa sabis ya shiga ka ji kunya gaban shugaban makaranta. Ko ta alminiyam ɗin ka gwada ta a wurin taron tun jajibere, don in turke yana kusa sai ka ƙara ninki.

Wani zai tambaye ka me ya sa caji ke saurin ƙarewa a irin wannan ginin. Amsar ita ce hanyar biyu ce: wayar ma sai ta mayar wa turke magana ta cikin bangon nan, kuma iyakar ƙarfinta a 4G wat 0.2 ne, don haka in sabis ya yi rauni sai ta buɗe iya ƙarfinta, ta yi zafi, batir ya tafi.

Maganar zuwa nan kuwa, za mu yi ta a natse bayan WAEC. Ka dai riƙe logaridim da darasin igiyoyi da kyau, don a shekarar farko ta wannan kwas ba wanda zai tsaya ya sake koya maka su, kuma ka fara Jamusanci tun yanzu, yawancin digirin farko da shi ake yi. In ka gama awon ka turo mini teburin, tare da kaurin kowane bango da gefen da turken yake, in duba maka kafin ka hau mumbari.