Buhu nawa zan soka a tirelar masara?

Tambaya: Malam, na sayi masara buhu 300. Na duba biyar na bakin mota, duk bushe ƙayau. Bayan wata biyu na tarar da kusan talatin sun yi funfuna a sito. Ni ba zan iya kwance buhu 300 ba, kuma jarina ke nan. Yaya zan yi gaba?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ba sai ka kwance duka ba. Talatin sun ishe ka, in dai ba mai kaya ne ya zaɓar maka su ba.

Bari in ba ka labarin wani matashi a Dawanau, wanda ya gaji rumfar mahaifinsa. An kawo masa tirela irin taka. Dillali ya hau, ya jawo buhu uku na baya, ya soka, ya zuba masa a tafi yana cewa, "Kaya ɗaya ne, ka gani da idonka." Har ya ɗauko waya zai tura kuɗi, sai wani dattijo da ya daɗe yana awo a layin ya ce masa, "Ɗana, dakata. Sa yaron nan ya faɗi lamba daga ɗaya zuwa goma." Yaro ya ce bakwai. Dattijo ya ce wa 'yan dako su fara sauke kaya, a ware buhu na 7, na 17, na 27, haka har ƙarshen mota. Aka ware talatin. Sha biyun farko lafiya lau, dillali har yana murmushi. Da aka kai tsakiyar mota sai ga buhu huɗu masu ɗumi. In ka ciza ƙwayar ba ta fashewa da ƙara, sai ta lotse. Huɗu cikin talatin, wato a sa ran kusan arba'in cikin 300. A nan aka sake ciniki.

Ga lissafin. Mu ce buhu ɗaya cikin kowane goma ɓatacce ne. In ka duba biyar, ko da ta hanyar ƙuri'a ka ɗauke su, kusan sau shida cikin goma ba za ka ci karo da ko ɗaya ba. In ka duba goma, sau ɗaya cikin uku zai wuce ka. In ka duba talatin, abin ya koma wajen sau huɗu cikin ɗari. Kuma ko buhu 600 ne, talatin ɗin za su yi kusan wannan aikin.

Abin da ya ishe ni shi ne maganar nan ta "na duba na bakin mota". Kullum sai na ji ta, har daga manyan 'yan kasuwa masu furfura. Wa ya yi lodin motar? Mai kaya. Ya san buhun da hannunka zai fara kaiwa, to me kake tsammanin zai ajiye a wurin? Lissafin da na kawo duk ya rushe da zarar wani ne ya nuna maka buhun. Ko hamsin ka soka a bakin mota, labarin bakin mota kawai ka samu. Uwargida tana gane gishirin miya da cokali ɗaya, amma sai ta juya tukunya tukuna. Tirela ba ta juyuwa, shi ya sa ake ƙirga. Wasu kuma sai su ce ai ƙirga rashin yarda ne, ko "wane Alhaji ne, ba ya haka". Shi wanen ma daga kasuwannin ƙauye ya tattaro, daga hannu goma, bai san abin da ke cikin rabin buhunan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsaya a saman tarin abinci ba, hannu ya zura ciki ya taɓo jiƙaƙƙe, sannan ya tsawatar a kan algus. Wa ya fi shi kyautata zato?

A kowane buhu ma kada ka tsaya a baki. Ka soka ƙarfe sama, tsakiya da gindi, don tsakuwa da gari ƙasa suke sauka. Ka duba na kowane buhu daban kafin ka haɗa, in ba haka ba busasshiya za ta rufa wa mai danshi asiri. In kana da na'urar auna danshi, masarar ajiya kada ta wuce kashi 13 cikin ɗari.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka. Gubar aflatoksin, wadda funfuna ke haifarwa, takan taru a 'yan ƙwayoyi kaɗan, ido ba ya ganin ta, haƙori ba ya jin ta. In kamfanin abincin kaji ko na fitarwa waje za ka kai wa, haɗa abin da ka ɗebo daga buhu talatin ɗin, ka cakuɗa sosai, ka kai ɗakin gwaji kafin ka biya cikon kuɗi.