Fassara sharuɗɗan inshora

Tambaya: "Kwangilar inshorar sito nake mayarwa Hausa daga Faransanci, wurin abubuwan da ba a biya na ga kalmomin sun yi tsauri, in ɗan sassauta ne?"

Malam kar ka taɓa, wallahi nan ne rigima ke tashi. A ƙa'idar CIMA, wato dokar inshora ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, da kamfanonin inshorar Nijar ke bi, dole abin da inshora ba ta ɗauka ya fito ɓaro-ɓaro a takarda, to in kai ka lulluɓe shi ka cuci mai kaya. Na ga wata fassara da aka yi wa wani ɗan kasuwar Dole, asalin ya ce ba a biyan sata sai in an fasa ƙofa, mai fassara ya sa "zai yi kyau a kulle sito", ka ga sharaɗi ya koma shawara ke nan, yaron shago ya buɗe da makulli ya kwashe buhuna, ko dala ba a biya ba. "Ba a biya" daban, "ba lallai a biya ba" daban. Haka "sai in", ka bar ta inda take. Wa'adin sanar da sata kuma in an ce awa 48, rubuta awa 48, ban da "da wuri".