Inshorarmu ta naira miliyan ɗaya ce, me ya sa ta ƙi biyan kuɗin tiyatar haihuwa?

Tambaya: Wata huɗu ke nan da na yi wa iyalina rajista da wani kamfanin inshorar lafiya mai zaman kansa, aka ce kowannenmu yana da naira miliyan ɗaya a shekara. Maiɗakina tana da ciki wata shida, likita kuma ya ce wataƙila sai an yi mata aiki za ta haihu. Asibiti sun ce inshorar ba za ta biya ba, alhali ko dubu hamsin ba mu ci ba. Shin ba damfara ba ce wannan?

Amsa: Malam, Allah ya sauki maiɗakinka lafiya. Miliyan ɗayan nan ita ce abu na ƙarshe da kamfanin inshora yake dubawa idan asibiti ya nemi a biya shi. Kafin a kai gare ta sai an tabbatar aikin yana cikin waɗanda aka yi alkawarin biya, sannan a duba ko wa'adin jira ya cika, sannan a ga nawa aka ware wa irin wannan aikin shi kaɗai. Bisa lissafin watannin da ka bayar, abin da ya fi yiwuwa shi ne wa'adin jira ne ya tsayar da ku.

Wa'adin jira lokaci ne da mutum ya riga ya biya kuɗinsa, katinsa yana aiki, ana duba shi idan zazzaɓi ko tari ya kama shi, amma wasu ayyuka masu tsada suna rufe har sai watannin da aka gindaya sun cika. A tsare-tsaren da mutum yake saya da kansa a Najeriya, haihuwa takan ɗauki wata tara zuwa shekara guda kafin ta buɗe, haka nan tiyatar da ba ta gaggawa ba da cututtukan da mutum ya shigo da su, irin su hawan jini da ciwon suga, sukan sami nasu wa'adin. Dalilin shi ne inshora karo-karo ce, masu lafiya ne suke ɗaukar nauyin wanda ciwo ya kwantar, kuma da za a bar kowa ya shigo sai ranar da ya ga babban kashin kuɗi a gabansa, asusun ba zai kai ƙarshen shekara ba. Cikin yana da kimanin wata biyu lokacin da ka yi rajista, haihuwar kuma za ta zo a wata na bakwai da fara tsarin, don haka ko wa'adin wata tara ne bai cika ba. Wanda ma'aikatarsa ta yi wa rajista tare da sauran ma'aikata sau da yawa ba a sa masa wannan sharaɗin, shi ya sa za ka ji abokinka yana cewa shi an biya masa nan take.

Idan sharaɗin yana rubuce a takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu, kamfanin bai karya doka ba. Amma ban wanke wakilin da ya sayar maka ba, domin wanda ya ga magidanci yana yi wa matarsa rajista ya kamata ya fara da maganar haihuwa kafin ya ambaci miliyan. Ka nemi jadawalin amfanin tsarin naku, wato jerin ayyukan da suka yi alkawarin biya, a rubuce, ka duba layin haihuwa da ranar da aka ce tsarin ya fara aiki. In babu wa'adin jira a ciki, ko an yi maka alkawarin akasin haka a saƙon waya ko takarda, to kana da hujjar kai ƙara ga kamfanin, in ba su saurare ka ba ka wuce ofishin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, na jiharku, wadda dokar 2022 ta ba ikon sa ido a kan waɗannan kamfanoni.

Ko da wa'adin ya cika, miliyan ɗin ba za ta zuba gaba ɗaya a kan tiyatar ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke shan mamaki ranar sallama. A ƙarƙashin babbar iyakar akwai ƙananan iyakoki, kowane fanni da nasa: haihuwa, tiyata, kwanciya a gado, haƙori, tabarau. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, takardarku ta ware naira 300,000 ga haihuwa, asibiti kuma ya kawo lissafin naira 450,000 na aikin da magunguna da kwanakin gado. Kamfanin zai biya 300,000, kai ka cika 150,000 daga aljihunka, duk da cewa akwai ragowar kusan 650,000 a miliyan ɗin maiɗakinka bayan an cire ɗan abin da aka riga aka kashe. Ragowar nan ba a juya ta zuwa haihuwa, ba a ara daga rabonka ko na yara, kuma abin da ba a ci ba yakan mutu ranar da shekarar tsarin ta ƙare. Jariri ma yana da nasa lissafin. Idan ya zo bakwaini ya buƙaci kwalba, kwanakin da zai yi a ciki za su iya cin kuɗin da ya fi na aikin, saboda haka tun yanzu ka tambayi kwana nawa ake ɗaukar nauyinsa a kan katin mahaifiyarsa kafin a ce sai an yi masa rajistar kansa.

Akwai kuma ayyukan da yawancin tsare-tsare ba sa biya ko an shekara goma ana zuba kuɗi, kamar tiyatar kwalliya da dashen gaɓa da dashen ƙwai don neman haihuwa. Haihuwa ba ta cikin waɗannan a yawancin tsare-tsaren iyali, amma wasu masu araha sun cire ta gaba ɗaya, ko su biya awo da haihuwar da mace ta yi da kanta su bar tiyata. Bambancin yana da amfani a gare ka, domin shi zai nuna maka ko sabunta wannan tsarin baɗi zai yi muku rana ko gara ka canza.

Game da wata ukun da suka rage, ka rubuta wa kamfanin su faɗa maka a rubuce abin da za su biya yanzu, domin wani lokaci awon ciki da gwajin jini da hoto suna buɗe ko da haihuwar tana rufe, kuma duk aikin da ke buƙatar lambar izini daga kamfanin a karɓo ta kafin a yi shi, saboda wanda aka yi ba tare da ita ba da wuya a mayar da kuɗinsa. Ka karɓi ƙiyasin kuɗin aikin daga asibitinku, ka kwatanta da na babban asibitin gwamnati mafi kusa, ka fara tanadi. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, don haka ka tambaya a wurin awo ko akwai irinsu kusa da ku da sharuɗɗan shiga. In kuwa naƙuda ta zo da zubar jini ko jijjiga, a garzaya da ita asibiti ba tare da jiran amsar kamfani ba, domin dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mara lafiyan da ke cikin halin gaggawa.