Jadawalin sanduna da bai fara daga sifili ba

"Don Allah me ya sa ake cewa laifi ne jadawalin sanduna ya fara daga 90 maimakon sifili?"

Saboda a jadawalin sanduna, wato zanen da ke nuna kowace lamba da tsawon sanda, ido tsawon sanda yake aunawa, ba ruwansa da lambobin gefe. Ka ce kana da 95 da 100. In ka fara daga 90, ta farko tsawonta 5 ta biyu 10, sai mai kallo ya ga kamar an ninka alhali bambancin kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai.

In ƙaramin canji kake son nunawa, kamar zafin jiki daga 37 zuwa 39, bar sanduna ka yi na layi ko ɗigo, nan ba dole sai sifili ba, amma dai ka rubuta lambobin ɓaro-ɓaro.