Kada ka yi sanarwa sai ka buɗe kwali

*Maigida, an ce littattafan labaran yara da muka yi oda suna hanya daga Kano. In rubuta sanarwa in tura wa iyaye a waya tun yanzu? Kuma me zan ce a ciki?*

"Suna hanya" ka ce? Ajiye wayar nan ka zauna.

Wannan kalmar ce ta ci mini jari tun kana goye. Ana saura mako biyu a yi dogon hutu, wani dillali a Kano ya karɓi rabin kuɗina, ya rantse mini an riga an loda kaya a mota. Na yarda. Na biya kuɗin sanarwa ta kwana uku a rediyo, na buga takarda 500, na sa yara suka raba a ƙofar makarantun firamare tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa. Na ce littattafai masu hotuna masu kala, ranar Asabar.

Asabar ta zo, shago ya cika, kanta babu komai. Akwai wata baiwar Allah da ta biyo mota daga Batagarawa da 'ya'yanta uku, ƙaramar ta riƙe kuɗinta a hannu ta ƙanƙame. Na ba su haƙuri, na ce su dawo Laraba. Ta dawo Laraba, har lokacin shiru. Ban sake ganinta ba, kuma wallahi har yau fuskar yarinyar nan ba ta bar ni ba.

Sai bayan kwana 19 kayan suka iso, hutu ya riga ya yi nisa. Da na yanka kwali sai na tarar da bugun jabu: bango mai kala, ciki baƙi da fari, tawada ta dusashe. Wajen kashi ɗaya cikin uku kuma shafuka sun ɓace. Ka san littafin yara siriri ne, da waya ake danne shi a tsakiya, kuma kowace takarda ɗaya shafi huɗu take ɗauke da shi. In ɗaya ta zame wajen haɗi, biyu sun tafi a gaba, biyu a baya, labari ya yanke a wuri biyu. Dillalin nan bai mayar mini da ko kwabo ba, ya ce ai na karɓi kaya. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Saboda haka in kaya sun sauka, ka zaro biyar daga kowane kwali, sama da tsakiya da ƙasa. Ka bi lambar shafi ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaga takarda ka ga ko rubutun baya yana leƙowa. Sai abin da idonka ya gani za ka rubuta. Ku yaran yanzu babban yatsanku ya fi hankalinku sauri, kafin a sauke kaya kun tura wa duniya.

Ita sanarwar, uba ko uwa kake yi wa magana, mutumin da ke lissafin kuɗin cefane. Abin da yake so ya ji shi ne littafin na ɗan aji nawa ne, da wane harshe, kuma daga nawa farashi ya fara. In ka ɓoye farashi, mai ƙaramin ƙarfi zai ji kunyar zuwa ya tambaya, alhali shi ne ya fi yawa a masu sayenmu. Ga yadda ni nake yi, shekara da shekaru:

*Assalamu alaikum iyayenmu. Sababbin littattafan labaran yara sun iso, suna kan kanta yanzu haka. Akwai na Hausa da na Turanci, masu manyan baƙaƙe da hotuna masu kala don 'yan aji ɗaya zuwa uku, da masu dogon labari don 'yan aji huɗu zuwa shida. Ku zo da yaran su zaɓa da kansu, dubawa kyauta ce. Muna buɗe kullum daga ƙarfe 9 zuwa Magariba, ban da lokacin sallar Juma'a.*

Sai ka ƙara farashi mafi ƙanƙanta da kwatancen shago, shi ke nan. Kada ka cika ta da "garaɓasa" da "kada a ba ku labari", ba gwanjo muke yi ba. Wancan layin na "ku zo da yaran" kuwa kada ka kuskura ka cire shi. Uba in ya zo shi kaɗai ɗaya zai ɗauka, ya ce a raba. In yaro ya zauna a benci ya buɗe da hannunsa, da wuya su fita da ƙasa da biyu.

Ka tura ta ƙarshen wata, in albashi ya shiga. Yanzu tashi ka share kantar ƙasa, a nan za mu jera su inda hannun yaro zai kai.